Aikin intanet da ke neman kuɗinka kafin ya biya ka

Saƙon yakan shigo ta WhatsApp daga lambar da ba ka sani ba, sau da yawa ma lambar wata ƙasa ce. Mai rubutun za ta ce ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani kamfanin talla, suna neman waɗanda za su yi musu aiki daga gida, awa ɗaya ko biyu a rana, da waya kawai. Ba a neman takardar makaranta, ba a tambayar inda ka taɓa aiki, kuma kullum za a biya ka. Matashin da ya gama bautar ƙasa yana zaune, ko matar aure da ke son abin yi ba tare da ta bar gida ba, da wuya su wuce irin wannan saƙo ba su tsaya ba. Ba kuma laifinsu ba ne, domin aikin intanet gaskiya ne. Akwai 'yan Kano da Kaduna da Yamai da ke fassara, ko zane, ko rubuta manhaja, ana biyansu da dala suna zaune a ɗakunansu. Da wannan gaskiyar 'yan damfara ke fakewa.

Abu guda ne ya fi kowane muhimmanci a wannan lamari, wato a duba inda kuɗi ya nufa. A aikin gaskiya, kuɗi daga hannun mai aiki yake fitowa ya zo hannunka. Duk ranar da aka ce sai ka tura wani abu kafin a sakar maka ladanka, ko da wane suna aka kira shi, kuɗin rajista, kuɗin horo, haraji, ko kuɗin buɗe asusu, to ba aiki aka ba ka ba. Dokar Najeriya ta daɗe da sanin wannan dabara ta a biya kafin a samu. Ita ce sashe na 419 na kundin laifuffuka ya shahara da ita, kuma a 2006 aka yi mata doka ta musamman. Abin da ya sauya a yanzu shi ne an koyi yadda za a sa mutum ya tura kuɗin da hannunsa yana ganin ciniki yake yi.

Yadda ake jan mutum

Salon da ya fi yaɗuwa a 'yan shekarun nan shi ne na ƙananan ayyuka. Hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta fitar da alƙaluma a Disambar 2024 da suka nuna yadda abin ya haɓaka a can: a 2020 ba ta samu ƙorafi ko ɗaya kan wannan salo ba, a 2023 ta samu kusan 5,000, amma a watanni shida na farkon 2024 kaɗai ya kai kusan 20,000. A waɗannan watanni shida, abin da mutane suka ce sun yi asara a damfarar neman aiki baki ɗaya ya haura dala miliyan 220. Saƙon da ake tura wa Ba'amurke shi ne ake tura wa ɗan Najeriya, sai dai a mai da dala naira.

Bari mu bi abin daki-daki da misali. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne, amma matakan haka suke tafiya.

Matashi ya amsa saƙon. Aka turo masa bidiyo uku na YouTube, aka ce ya danna `Like` a kowanne, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo, kowane ɗaya naira 500. Ya yi. Sai aka ce ya koma Telegram wurin wata mai karɓar baƙi, ya ba ta lambar asusunsa. Bai fi minti goma ba sai ga alat na naira 1,500, kuɗi na gaske, ya duba ya gani a asusunsa. Aka saka shi a wani zaure mai ɗaruruwan mutane, kowa na turo hoton alat ɗinsa yana godiya. Kafin dare ya tara naira 6,000.

A nan ne mutane da yawa ke ajiye shakkarsu, su ce ai ɗan damfara ba ya biya. Yana biya kuwa. Wannan kuɗi tsaba ce da ake watsa wa kaza, kuma mai watsawa ya riga ya yi lissafinsa. Idan ya raba wa mutum ɗari naira dubu shida-shida, ya kashe dubu ɗari shida; mutum biyu kacal cikinsu su zarce har ƙarshe, ya mai da kuɗinsa da riba.

Washegari, a tsakiyar ƙananan ayyukan sai aka sako wani na daban da ake rubuta masa `prepaid task` ko `merchant task`. Bayanin da ake yi shi ne wani ɗan kasuwa na son a nuna kayansa na samun masu saye, don haka za ka saka kuɗinka kamar ka saya, a dawo maka da su da ribar kashi 30 cikin ɗari. Wanda ya ƙi yi, za a rage masa ladan sauran ayyukan ko a cire shi daga zauren. Matashin ya tura 10,000, aka dawo masa da 13,000. Yanzu ribarsa ta zama 9,000, kuma abu mafi haɗari ya faru: ya saba da tura kuɗi, ya ga suna dawowa.

Daga nan sai a ce ya cancanci ƙarin girma. A kai shi wani ƙaramin zaure na mutum huɗu ko biyar da wani da ake kira malami, a buɗe masa asusu a wani shafin intanet mai kama da na hada-hadar kuɗi. Ya tura 50,000, shafin ya nuna masa 65,000. Ya nemi cirewa, sai malamin ya ce wannan aiki mai hawa uku ne, ba a cirewa sai an kammala. Hawa na biyu 150,000. Ya kwashe ajiyarsa ya tura, shafin ya nuna 260,000. Hawa na uku 400,000. Ba shi da su. Sai sauran 'yan zauren su taso masa: wannan ya ce ya sayar da babur ɗinsa ya biya, waccan ta ce kuɗin asibitin mahaifiyarta ne a ciki, don Allah kada ya ja musu asara, tunda sai kowa ya biya za a saki na kowa. Waɗannan mutane ba abokan aikinsa ba ne. 'Yan damfarar ne, wani lokaci ma mutum ɗaya ne ke rubutu da sunaye huɗu.

Ya ciwo bashi wurin yayarsa da wani aboki, ya tura. Shafin ya nuna 780,000. Ya danna cirewa, aka ce ya yi kuskure wajen shigar da lambar asusu, an daskarar da kuɗin, ko kuma sai ya biya harajin kashi 20 cikin ɗari, naira 156,000, kafin a saki. Da ya biya wannan ma, da wani dalilin zai fito.

A duba lissafin da kyau. Abin da ya fita daga hannunsa a hawa ukun nan 600,000 ne. Ribar da ya taɓa riƙewa a hannu 9,000 ce. Ita kuwa 780,000 ɗin ba ta taɓa wanzuwa ba. Lamba ce da mai shafin ke rubutawa yadda ya ga dama, domin shafin nasa ne, ba banki ba ne, ba kuma wata hukuma da ke duba shi. Kuɗi ba su zama naka ba sai ka gan su a asusun bankinka da ka buɗe da kanka, ta manhajar bankin ba ta saƙon tes ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan salo shi ne ba kwaɗayi ke riƙe mutum daga hawa na biyu ba. Tsoro ne. A lokacin ba riba yake nema ba, kuɗinsa da suka maƙale yake son cetowa, kuma kowane biya ana nuna masa shi ne na ƙarshe. Shi ya sa za ka ga mai hankali, mai ilimi, ya tura sau biyar. Wurin da ya kamata a tsaya shi ne ranar da aka fara cewa ka saka naka, tun a naira dubu goman nan.

Masu sana'a ma ba su tsira ba

Wanda ya iya fassara ko rubutu ko zane zai iya cewa shi ya wuce danna bidiyo. To akwai tarkon da aka ɗinka daidai da shi. Za a saka talla a Upwork, ko Facebook, ko LinkedIn, cewa ana neman mai fassara daga Ingilishi zuwa Hausa, ko wanda zai sake buga wasu shafuka daga hoto zuwa Word. Da ka nuna sha'awa sai a ce ka tuntuɓi manajan aikin a Telegram. Can za a ba ka shafi 50, a ce ladan dala 2,000, a kawo cikin kwana uku.

Farashin kansa ya isa ya sa mutum ya dakata. Dala 40 ke nan a kowane shafi, aikin da mai buga takardu a shagon kwamfuta ke yi a kan 'yan ɗaruruwan naira, kuma akwai manhajojin da ke ciro rubutu daga hoto cikin daƙiƙoƙi. Babu kamfanin da zai biya haka. Amma mutum zai kwana uku yana bugawa, ya miƙa aiki, a yaba masa. Sai a ce sashen biyan kuɗi zai tuntuɓe shi. Shi kuma sashen zai turo adireshin wani bankin intanet da ba wanda ya taɓa jin sunansa, a ce ya buɗe asusu. Ya buɗe, ya ga dala 2,000 zaune da sunansa. Wajen turawa zuwa bankinsa na gida sai a ce yana buƙatar katin shaidar ma'aikaci na dala 50, wanda za a mayar masa. Bayan kati sai kuɗin canjin kuɗi, bayan shi sai lambar izinin fitar da kuɗi ƙasar waje. Aikin da aka ba shi ba wanda ke buƙatarsa. An ba shi ne don ya gaji, domin wanda ya zuba kwana uku yana ganin dala 50 ba komai ba ce a kan haƙƙinsa.

Dalilin da ya sa suke gaggawar fitar da mutum daga dandalin aikin yana da sauƙin ganewa idan aka san yadda dandalin ke tafiya. A Upwork, idan aikin na ƙayyadadden farashi ne, mai aikin yakan fara ajiye kuɗin a hannun kamfanin, kai kuma ka ga alamar an ajiye kafin ka fara. Idan ka miƙa aiki aka amince, sai a sakar maka. A Fiverr mai saye ne ke biya tun farko, kamfanin ya cire kashi 20 cikin ɗari daga ladanka, saura ya jira kwana 14 kafin sabon mai sayarwa ya iya cirewa. Ka lura, kason dandalin daga cikin kuɗin da ya shigo ake cire shi, ba a ce ka kawo daga aljihunka ba. Ƙa'idar Upwork ma ta hana a koma wata kafa a yi magana kafin a ƙulla kwangila. Wanda ya ja ka Telegram tun kafin kwangila, ya raba ka da wurin da za ka kai ƙara ne.

Akwai togiya ɗaya da ya kamata a sani, don kada a rikice. Upwork na sayar da wasu maki da ake kira `Connects`, waɗanda ake kashewa wajen neman aiki, kowane ɗaya senti 15. Wannan kuɗi ne da kake biyan dandalin kansa, a cikin shafinsa, farashinsa a rubuce kowa na gani, kuma ba a ɗaure shi da wani lada da aka ce yana jiranka ba. Mai ba da aiki kuwa, ko a Upwork ɗin, ba shi da hurumin karɓar ko sisi daga hannunka.

Wani salon kuma shi ne a yi kamar an biya ka fiye da ƙima. Ladanka 80,000, sai ga saƙon alat ko hoton rasit na 280,000, sai mai aikin ya kira hankali a tashe, wai akawunsu ya yi kuskure, ka taimaka ka mayar da 200,000. Ko dai alat ɗin na bogi ne, ko kuma kuɗin na gaske ne amma daga asusun wani da aka sata suka fito. Na biyun ya fi muni, domin idan mai kuɗin ya kai ƙara, asusunka za a fara rufewa, kai za a fara nema. Haka ma aikin da ake kira wakilin karɓar kuɗi, inda za a riƙa turo kuɗi asusunka kana cire kasonka kana tura saura gaba ko kana mayar da su USDT. Wannan safarar kuɗin sata ce da sunanka da BVN ɗinka.

Binciken minti goma

Kafin ka ba kowa lokacinka, akwai abubuwan da za ka duba da wayarka. Fara da adireshin imel, ka karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi. Babban kamfani ba ya ɗaukar ma'aikata da adireshin `gmail.com`, kuma `upwork.com` daban yake da adireshin da aka ƙara wa wata kalma ko aka sauya wa harafi ɗaya. Sannan ka ɗauki adireshin shafin da suka turo ka saka a `lookup.icann.org`, zai nuna maka ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ya ce ya shekara goma yana aiki, amma shafinsa bai kai wata biyu ba, ya ba ka amsa.

Idan sun ce a Najeriya suke, ana iya neman sunan a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Sai dai kada a dogara da wannan kaɗai. Rajista ba shaidar gaskiya ba ce, kuma mafi yawan masu wannan sana'a sunan kamfani na gaske suke ara, da tambarinsa, har da sunan ma'aikacinsa na gaske da suka kwafo daga LinkedIn. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce ko wannan mai yi maka magana daga kamfanin yake. Hanyar sani ita ce ka nemo shafin kamfanin da kanka, ba ta mahaɗin da suka turo ba, ka duba ko aikin na cikin guraben da suka tallata, ka aika musu saƙo ta adireshin da ke can. Mai aiki na gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ce guraben saura biyu, sai ka amsa cikin awa ɗaya, ba ya son ka samu sararin tambaya ne.

Ka kuma lura da abin da suke tambayar ka. Mai neman mai fassara zai so ganin aikin da ka taɓa yi, ya ba ka ɗan gwaji na sakin layi kaɗan, ya yi cinikin farashi. Wanda bai damu da ko ka iya ba, amma tun ranar farko yana neman hoton katin NIN, da BVN, da lambar sirrin da banki ya turo maka ta tes, ba ƙwarewarka yake so ba. Don a biya ka, sunan banki da lambar asusu sun wadatar. Lambar sirri ta tes kuwa ba a ba kowa, ko da ya ce daga bankin yake.

Su wane ne a ɗaya ɓangaren

Yana da kyau a san cewa ba wani yaro ɗaya ba ne a ɗaki. A Disambar 2024 hukumar EFCC ta kai samame wani bene a Victoria Island da ke Legas, ta kama mutum 792, cikinsu 'yan China 148 da 'yan Filifin 40, bisa zargin damfarar soyayya da ta zuba jari a kuɗin kirifto. Mafi yawan sauran matasan Najeriya ne da aka ɗauka aiki, aka ba su kwamfuta da rubutaccen abin da za su riƙa faɗa. A Agustan 2023 kuma ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ana iya cewa tilasta musu ake yi su yi damfara ta intanet, kuma da yawansu da tallan aikin bogi aka kai su can. Wannan ya shafi mai neman aiki ta fuska biyu. Wadda ke yi maka magana da daɗin baki rubutu take bi, an gwada shi a kan dubban mutane kafin kai, don haka ba za ka kayar da ita da wayo ba. Sannan tallan aikin kula da abokan ciniki a wata ƙasar Asiya, da albashi mai tsoka da tikitin jirgi kyauta, yana buƙatar bincike fiye da kowane.

Wasu kan ce za su ci kuɗin farkon su gudu. Ba na ba da wannan shawara. Kuɗin da ake biya a matakin farko sau da yawa daga hannun wani da aka damfara suke fitowa, an umarce shi ya tura asusunka a matsayin nasa aikin, ka ga sunanka ya shiga cikin sarƙar. Ka kuma miƙa musu lambarka da asusunka, sun san kana amsawa.

Idan an riga an tura

Abu na farko shi ne a daina biya, ko da shafin na nuna miliyan. Na biyu, a ɗauki hoton komai nan take, tun kafin a nuna musu an gane: hirar, sunayen masu amfani, adireshin shafin, lambobin asusun da aka tura wa kuɗi, da rasit. A Telegram mutum na iya goge hira daga wayarsa da taka a lokaci guda, kuma da zarar ka fara tambaya za su yi hakan. Sai a kira banki ko a je reshe a ranar, a ba da lambar kowace hada-hada, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa. Sauri na da tasiri, domin kuɗin ba sa kwana a asusun farko. Ana rarraba su ko a mayar da su kirifto cikin ɗan lokaci, kuma abin da aka tura ta USDT ba shi da hanyar janyewa. A kai rahoto EFCC ko cibiyar 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet da ke Abuja, a kuma kai ƙarar asusun a dandalin da aka ga tallan. Idan an ba da lambar sirri ko bayanan kati, a sa banki ya toshe katin, a sauya kalmomin sirri.

A gaya wa wani na kusa. Kunya ce ke sa mutum ya yi shiru ya ci gaba da cin bashi yana fatan ya rufe ramin kafin a sani, kuma masu damfarar sun san da haka, shi ya sa suke cewa kada ka gaya wa kowa har sai ka cire kuɗinka.

Bayan kwanaki ko makonni, wani zai iya tuntuɓar ka ya ce shi lauya ne, ko jami'in hukuma, ko gwanin kwamfuta da ke ƙwato kuɗin da aka sace, har ya faɗi adadin da ka rasa daidai. Ya sani ne domin sunayen waɗanda aka damfara na yawo a hannun masu wannan sana'a, wani lokaci ma mutanen farko ne suka dawo da sabon suna. Zai ce ya gano inda kuɗin suke, saura kawai ka biya kuɗin buɗe fayil. EFCC da 'yan sanda ba sa neman mutum ta Telegram su ce ya tura kuɗi asusun wani kafin su karɓi ƙararsa. A ɗauki hoton wannan saƙon shi ma, a haɗa da na farko a cikin rahoton.